Shaihu Umar Yana Zaune a Rauta: Yadda Ake Bin Labari Mai Waiwaye

  

Zancenmu na yau a kan labari ne, irin wanda ba ya tafiya ɗoɗar. Akwai labarin da ke farawa daga haihuwa ya ƙare a kabari, wannan ko yaro ba ya ɓata a cikinsa. Akwai kuma wanda zai ɗauko ka daga tsakiya, ko ma daga ƙarshe, sa'an nan ya juya da kai baya, ya nuna maka abin da ya wuce, kana ya komo da kai inda ya baro ka. Wannan juyawa ita manazarta adabi ke kira waiwaye. Kowa ya san ta, ko bai san sunanta ba. Wanda ya kai majinyaci Asibitin Malam Aminu Kano, a nan Titin Zariya, da abin da ya faru daren jiya yake farawa, sai likita ya tambaya, sa'an nan ya koma kan zazzaɓin makon jiya, daga nan ya tuna da wata faɗuwa da aka yi bara.

To, ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Kowane labari mai waiwaye tartibi biyu gare shi. Akwai tartibin aukuwa, watau yadda abubuwa suka faru ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma tartibin faɗa, watau yadda mai labari ya ga dama ya jera mana su. Wanda yake so kada waɗannan biyu su cakuɗe masa, abu ɗaya zai riƙe: ya san inda mai ba da labarin yake zaune. Zan maimaita, domin a kansa zancen duka ya rataya. A san inda mai ba da labari yake zaune.

Bari mu ɗauki littafin da yawancinmu muka karanta a makaranta, ko muka ji labarinsa, watau Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya rubuta shi ne domin gasar ƙaga labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A lokacin marubucin saurayi ne, malamin makaranta a Bauchi, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Daga baya, a 1976, Adamu Halilu ya mayar da labarin fim.

Littafin bai fara da haihuwar Umar ba. Ya fara ne a Rauta, wani ɗan gari kusa da Bauchi, inda muka tarar da shi ya riga ya zama babban malami, wanda ɗalibai ke zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu a gabansa. Wata rana wani almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya yarda ya ba su labari. Daga wannan wuri har zuwa kusan ƙarshen littafin, duk abin da za mu ji waiwaye ne. Za a kai mu Kagara, a kai mu Kano, a ƙetare Sahara da mu zuwa ƙasar Masar, amma Shaihu bai motsa daga kan buzunsa ba. Rauta ita ce turke. Labarin ya yi kiwo iyakar tsawon igiyarsa, amma a can yake ɗaure, kuma can zai komo.

Yanzu mu warware labarin bisa tartibin aukuwa, mu ga yadda yake. A Kagara aka haifi Umar, uba kuwa ya rasu tun yaron bai san shi ba. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki wanda sarki ke ji da shi. Sauran fadawa suka yi masa hassada, har bayan wani hari da aka kai suka kai sararsa cewa ya ɓoye bayi bai kawo wa sarki ba, aka kore shi daga gari, ya tafi ya zauna a Maƙarfi. Da ya sami wurin zama ya nemi iyalinsa, uwar Umar ta tafi Fatika domin ta ga iyayenta kafin tafiya, ta bar yaron a baya. Kafin ta komo aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, yaron ya tsira, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso nan Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya tafi da shi garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar, da ta fita neman ɗanta, sai ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ratsa Sahara da ita ta Murzuk har Tarabulus. Bayan shekaru masu yawa Allah ya sada su, ba da jimawa ba ta rasu. Umar ya kamo hanyar ƙasar Hausa cikin ayari, guguwar rairayi ta hallaka ayarin, shi ya kuɓuta, har tafiya ta kai shi Rauta. Can ya zauna yana karantarwa, har ranar da almajirin nan ya yi tambayarsa.

Kun ga abin da ya faru? Abin da ya zo na ƙarshe a aukuwa, shi ya zo na fari a faɗa. Wannan bai cika rikita mutane ba, gama ƙofa ɗaya aka buɗe, kuma a gaban idonmu aka buɗe ta. Inda ake ɓata yana gaba, kuma wurare biyu ne.

Wuri na fari shi ne kalmar nan "ni". Duk littafin, Shaihu yana cewa ni, ni, amma mutum biyu ne ke cikin wannan kalma. Akwai dattijon da ke magana a Rauta, wanda ya san ƙarshen kome, akwai kuma yaron da ake magana a kansa, wanda bai san kome ba. Lokacin da fadawa ke ƙulla wa Makau sharri, Umar ɗan ƙaramin yaro ne, bai je fada ba, bai ji abin da aka faɗa wa sarki ba, alhali kuwa ga shi yana ba mu labarin filla-filla kamar a gabansa aka yi. Mai karatun da bai lura ba sai ya ɗauka Umar ya riga ya yi wayo a lokacin, daga nan lissafin shekarunsa ya rushe, ya kasa gane yadda za a ce an sace shi yana ƙarami har ya tashi bai san ƙasarsu ba. Maganin wannan a wurin malaman hadisi za mu aro shi. Su ba su karɓar riwaya sai sun tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya halarta ko ba shi aka yi. Haka mai bin labari zai yi. Duk sa'ad da Shaihu ya faɗi abu, a tambaya, wannan da idonsa ya gani, ko daga baya ya ji? In daga baya ya ji, to muryar dattijon Rauta ce, yaron bai sani ba tukuna.

Wuri na biyu ya fi wuya, ina roƙonku ku ƙara kasa kunne. Tun daga ranar da aka sace Umar, labarin ya rabu biyu. Ɗa yana tafiya a hanyarsa, uwa tana tafiya a tata, kuma a cikin shekaru guda suke tafiyar. Amma baki ɗaya ne ke ba da labari, baki kuwa ba ya faɗin abu biyu a lokaci guda. Saboda haka tilas mai labari ya bi ɗaya, ya yi nisa da shi, sa'an nan ya ajiye shi, ya koma baya ya ɗauko ɗayan daga inda suka rabu. Wannan waiwaye ne a cikin waiwaye. Muna Rauta, aka mai da mu baya zuwa yarintar Umar, aka yi gaba da mu, sa'an nan aka sake mai da mu baya zuwa ranar da uwa ta komo ta tarar babu ɗanta.

A nan ne mutum kan yi kuskuren ɗaukar abin da ya zo daga baya a shafi a matsayin abin da ya zo daga baya a zamani. Sai ya zaci wahalar uwar ta fara ne bayan al'amarin ɗan ya daidaita, alhali kuwa sa'ad da yake zaune gaban malaminsa yana biya karatu cikin wadata, a daidai wannan lokaci ita tana cikin ƙangin bauta, ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu. Wanda bai jera hanyoyin nan biyu kafaɗa da kafaɗa ba, lalle ya karanta littafin, amma abin da ya fi ciwo a cikinsa ya wuce shi. Ni a ganina nan ne zuciyar littafin take.

Yaya ake jera su? Ana neman mahaɗa, watau wurin da hanyoyin biyu suka taɓa juna. A Shaihu Umar akwai ranar rabuwa, akwai Kano wadda dukansu biyu suka ratsa ba tare da sun gamu ba, akwai kuma ranar saduwa. In ɗalibi ya sami takarda, ya ja layi biyu a kwance, na sama na ɗa, na ƙasa na uwa, ya haɗa su a farko da ƙarshe, ya sa alama a Kano, sa'an nan ya ɗora kowane abu da ya auku a kan layinsa. Rauta kuma ya rubuta ta can gefe, ita kaɗai, domin ita ba ta cikin tafiyar, daga cikinta ake hangen tafiyar. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba, kuma ɗalibin da ya yi shi ba zai rikice ba in aka ce ya kawo labarin a taƙaice ranar jarrabawa.

To, mu juya ga wata tambaya. Ta yaya kunne zai gane cewa an yi baya, tun da ba kullum ake sanarwa ba? Masu shirya fim, waɗanda ofisoshinsu da yawa ke nan kusa da mu a Titin Gidan Zoo, suna da dabarunsu. Sukan matso da fuskar mai tunani, su dusashe hoton, ko su janye masa launi, ko su sa murya ta riƙa amsa-kuwwa. Marubutan littattafan soyayya na Kano su ma suna da tasu al'ada, wadda duk mai karanta su ya sani: ana tsakiyar rikici sai a tsaya, a rubuta tambaya da manyan baƙaƙe cewa wace ce wance, a koma kan kakanninta da auren iyayenta, in an gama a ce wannan ke nan, a ci gaba. Waɗannan alamu ne na fili. Amma mai sauraron littafin da ake karantawa a rediyo ba shi da hoto, ba shi da shafin da zai koma, sai abin da kunnensa ya kama.

Alhamdu lillahi, harshenmu da kansa ya tanadi alama. Ku saurari wannan jimla, tawa ce na ƙaga: mahara suka iso, suka kewaye garin, suka shiga. Kowane "suka" taki ɗaya ne zuwa gaba. Yanzu ku saurari wannan: mahara suka iso, ashe mutanen gari sun gudu. Wanne ne ya riga, isowa ko gudu? Gudu ne ya riga, ko da yake shi aka faɗa daga baya. Me ya gaya muku? Sauyawar nan daga "suka" zuwa "sun". Haka "aka" da "an", haka "muka" da "mun". Muddin mai labari yana jero suka, suka, aka, aka, gaba yake yi. Da zarar ya ce sun riga, ko an daɗe, ko dā ma, ko ashe, ko tun kafin, ya taka baya. Sai dai a yi hattara da abu guda. In waiwayen mai tsawo ne, jimla ɗaya ko biyu kaɗai ke ɗaukar wannan alama, daga nan sai labarin baya ya kama tasa tafiya da suka, suka, kamar shi ne na yanzu. Wanda hankalinsa ya tafi wurin tukunya a daidai wannan jimla, ko wani ya yi masa sallama, ya komo ya tarar ana tafiya, ba zai san an sauya zamani ba.

Akwai alamun da mutum zai gane cewa ya ɓata. In ka ji wanda aka binne ɗazu yana magana, ko wanda ka bari da gemu ana goyonsa, ko wani yana neman abin da ka san an riga an samu, kada ka yi saurin cewa marubuci ya yi kuskure. Tsaya ka tambayi kanka, wa ke magana yanzu, kuma a ina yake zaune? Sau da yawa amsar nan kaɗai ta isa ta mai da kai kan hanya.

Amma fa gaskiya, ba kullum laifin mai sauraro ba ne. Akwai marubutan da ke buɗe ƙofar waiwaye su manta ba su rufe ba. Akwai masu tsayar da labari a daidai inda ya ɗauki zafi, su shafe babi uku suna ba da tarihin dangin da ba za a sake jin ɗuriyarsu ba, har in an komo mai karatu ya manta wa aka bari tsaye a bakin ƙofa. Akwai masu sa mutum ya tuna abin da bai halarta ba, kuma ba a nuna wanda ya gaya masa ba, watau riwaya ba isnadi. Ina kira ga 'yan'uwa marubuta da masu tsara fim, da ƙauna nake faɗa, duk wanda ya ɗauke mu daga wuri, haƙƙi ne a kansa ya mai da mu wurin, ya kuma nuna mana cewa mun komo.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Wani zai ce, in dai sai mun sake jera labarin kafin mu gane shi, me ya hana a ba mu shi a jere tun farko? Masu zuwa tafsiri da azumi sun san amsar. A cikin Suratul Baƙara, daga aya ta 67 zuwa ta 73, an fara ne da umurnin da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isar wa Banu Isra'ila na yanka saniya, da tambayoyin da suka yi ta jerowa game da shekarunta da launinta. Sai bayan an yanka ta aka ambaci kisan kan da ya jawo umurnin, wanda shi ne farkon al'amarin a aukuwa. Malaman tafsiri suna kiran wannan taƙdimi da ta'ahiri, gabatarwa da jinkirtarwa, kuma daga cikin hikimomin da suka ambata akwai cewa an gabatar da taurin kan mutanen ne domin ya tsaya da kansa a matsayin abin zargi, kada ya ɓace a cikin labarin kisan. Maganar Allah ta ɗaukaka ga barin a kwatanta ta da ta bayi. Abin da na ɗauko kawai shi ne ladabin da malamanmu suka koya mana: sukan bayyana wa almajiri abin da ya riga aukuwa, sa'an nan su tambayi hikimar gabatar da abin da aka gabatar.

Mu yi wa Shaihu Umar wannan tambaya. Me marubucin ya samu da ya fara daga Rauta? Tun shafin farko mun san Umar ya rayu, ya yi ilimi, ya sami daraja. Saboda haka sa'ad da kura ta zo, ko guguwa ta taso a Sahara, ba ma tsoron zai mutu, gama ga shi zaune yana ba mu labari. Hankalinmu sai ya bar tambayar ko zai tsira, ya koma ga yadda Allah ya tsirar da shi, da irin halin da ya fito da shi daga wannan wahala. Uwar fa? Ita ba mu gan ta a Rauta ba. Babu wanda ya yi mana alkawarin cewa za ta kai. Don haka duk fargabar da aka ɗauke mana game da ɗa, a kanta aka sauke ta, kuma wannan ne ya sa babu mai karanta tafiyarta hankalinsa a kwance. Da an fara daga Kagara an bi a jere, da tsoronmu ya rabu biyu, da kuma labarin ya zama na yaron da ya yi sa'a kurum. Farawa daga Rauta ta mai da shi shaidar dattijo a gaban almajiransa game da abin da cinikin bayi ya yi wa gida guda.

Jama'a masu sauraro, a daren nan da yawanku za su kalli wani shiri mai dogon zango, ko su saurari littafin da ake karantawa. In aka zo wurin da hoto ya dusashe, ko kuka ji an ce ashe, ko dā ma, ku ce wa yaran da ke kusa da ku su faɗi wanda ke ba da labarin da inda aka baro shi zaune, in an komo kuma su faɗi abin da ya riga wani. Wanda ke da Shaihu Umar a cikin tsofaffin littattafansa, ya kakkaɓe shi, ya ba ɗansa ko ƙanwarsa, su ja layukan nan biyu tare. Allah ya ƙara mana fahimta, ya jiƙan magabatanmu.